Ƙugiyoyin Maidawa

Ni mai walda ne a Sabon Gari ta Maraɗi, sunana Ya'u, kuma kusan duk ƙugiyar da Maidawa ya taɓa rataya indararo a kanta a garin nan ni na lanƙwasa ta. Saboda haka idan na ce na san aikinsa, ba jita-jita nake faɗa ba. Yau idan ka bi ta bakin rumfata za ka gan shi zaune a kan wani tsohon bulo yana liƙe gindin bokiti, ko yana ƙera gwangwanin ban-ruwa na masu lambu. Yaran unguwa sun ɗauka sana'arsa ke nan tun fil azal. Ni kuwa duk sanda na ɗaga kai na gan shi sai raina ya ɓaci, kuma har gobe ban san wanda ya fi ba ni haushi a cikin lamarin ba.

Mutumin Jiratawa ne. Gidansu gidan Anna ne, masu bin al'adar kakanni, ubansa har ya rasu bai taɓa sa goshinsa a ƙasa ba. Shi Maidawa tun yana saurayi ya musulunta, ya shigo birni da almakashin yankan kwano da guntun dalma, yana yi wa masu lambun garinsu gwangwanayen ban-ruwa. Da gidajen kwano suka fara yawa a Zariya da sauran sababbin unguwanni, sai ya koma aikin indararo, irin dogon nan da ake bi da shi bakin rufi, wanda 'yan shantiye, wato ma'aikatan gini, ke ce wa gutiyar. A lokacin yawancin mutane ba su ga amfaninsa ba. Sai da damina ta riƙa cin gindin katanga tana haƙa rami a ƙofar gida, sannan aka fara nemansa.

Aikin ba shi da wani asiri, haƙuri kawai yake so, kuma Maidawa yana da shi har ya yi masa yawa. A bakin rufi akwai faffaɗan katako da kafinta ke bugawa ya rufe kawunan itatuwa, mu muna ce masa katakon goshi. A jikinsa ake ɗaure ƙugiyoyi, a kan ƙugiyoyi indararo ke kwanciya. Maidawa yakan fara tambayar mai gida inda ruwa zai fita, don can za a sa bututun sauka. Sai ya ɗaure ƙugiya ta farko a can ɗaya ƙarshen, sama sosai, dab da bakin kwano. Ta ƙarshe kuma, ta wajen bututu, ya saukar da ita ƙasa, rabin santimita a kowace mita. Ya ja zare tsakanin su biyun ya ɗaure tamau, sauran duk su bi zaren, santimita sittin tsakanin wannan da waccan, ba ya ƙarawa ko da mai gida ya yi ƙorafin ƙarfe ya yi yawa. Wajen haɗa guntaye, na sama yake ɗorawa a cikin na ƙasa don ruwa ya wuce ta kan haɗin ba tare da ya ci karo da baki ba. Idan ya gama ya sa a miƙo masa bokiti ya zuba a can sama, ya tsaya yana kallo har ruwan ya fita ƙaf.

Abu ɗaya da bai taɓa yarda da shi ba shi ne katakon goshi. Yakan ce ido na ganin katako kamar a miƙe yake alhali yana gangarawa inda ya ga dama. Don haka kafin ya taɓa komai sai ya ciro wani dogon tiyo siriri, irin wanda ake hangen ruwa a cikinsa, ya cika shi, mutum ɗaya ya riƙe baki a wannan kusurwa, shi ya riƙe a waccan. Inda ruwa ya tsaya a bakunan biyu, nan ne daidai, daga nan yake auna gangara. Kafintoci ba sa son ganin tiyon nan. Na sha jin yana ce wa wani kafinta, cikin dariya, katakonsa ya nufi Katsina shi kuwa ruwa Dakoro ake so ya tafi, kuma dole kafintan ya hau ya gyara. Da haka ya yi suna. A Maraɗi idan aka ce indararon gidan nan Maidawa ne ya sa, magana ta ƙare. Ba shi da gida nasa, ba shi da moto, wato babur, sai wata tsohuwa mai tari, sunan nan shi ne dukiyarsa.

Kafinta ɗaya ne tak bai taɓa aiki a bayansa ba, wato surukinsa, Malam Idirisa na Tsibiri. Lokacin da Maidawa ya nemi auren Tsahara, dangin yarinyar sun tashi tsaye suka ce ba za a kai 'yarsu gidan Anna ba. Malam Idirisa ne ya tsaya shi kaɗai ya ce yaro ya musulunta, yana da sana'a, ya ba shi. Maidawa bai taɓa manta wannan ba. Kunyar suruki kowa na yi, amma tasa ta wuce ta kowa. Ba ya kiran sunan Idirisa ko da na wani ne daban, sai ya ce mai sunan Baba. Idan ya je gaisuwa Tsibiri tun daga bakin lungu yake cire takalmi, ya tsuguna nesa, kansa a ƙasa, maganarsu ba ta wuce lafiya da gajiya. Ga shi kuma Tsahara 'yar fari ce, ubanta ba ya kiran sunanta, ba ya zama hira da ita, ita ma ba ta iya ɗaga ido ta dube shi. Duk shekarun nan, da Maidawa ya ji Malam Idirisa ne ya yi rufin gida sai ya ce aiki ya yi masa yawa, a nemi wani. Mun ɗauka kunya ce kawai, muna ta yi masa tsiya.

Sai ga Alhaji Zakariya'u, wani ɗan kasuwar aya a unguwar Zariya, ya gina mangaza doguwa a jikin gidansa don ajiyar buhuna. Malam Idirisa ya yi rufin, don tun uban Alhaji shi ke yi musu aiki. Da aka zo maganar indararo, tsohon da kansa ya ce a kira yaron gidansa, ba wanda ya kai shi. Ya aiko da saƙo har Sabon Gari. Wannan karon babu hanyar gudu, don ƙin amsa kiran suruki ya fi komai muni. Maidawa ya zo rumfata fuskarsa ba walwala, ya ce in raka shi in riƙe masa bakin tiyo.

Mun je da hantsi, tsohon bai zo ba ranar. Mangazar za ta kai mita goma sha biyar. Ƙarshenta ɗaya yana bakin titi inda lambatu yake, can Alhaji ya ce bututu zai sauka. Ɗaya ƙarshen yana can ciki, ya haɗe da katangar ƙasa ta maƙwabci, wurin da ba a isa a saki ko kofin ruwa ba. Na hau tsani ta wajen titi, shi ya hau ta ciki. Da ruwa ya natsu a tiyo, kowa ya yi zane da alli a jikin katako, sai ya ce mu sake. Muka sake. Ya ce wataƙila iska ta shiga tiyon, ya juye ya sake cikawa, muka kuma aunawa, zanen bai gusa ba. Bakin rufin gaba ɗaya, da katakon goshin, sun gangara ciki wajen maƙwabci da kusan faɗin tafin hannu. Idon tsohon ya fara tafiya, kowa a Tsibiri ya sani, ba dai wanda ya furta.

Muka sauka muka zauna a inuwa. Lissafin a fili yake. Indararo yana bukatar gangarar yatsu huɗu zuwa titi, rufi kuma ya riga ya gangara fiye da haka zuwa ciki. Idan ya bi gaskiyar tiyo, indararon zai fara daga saman katako a ciki ya ƙare a can gindinsa ta wajen titi, a karkace ƙuru-ƙuru, duk mai wucewa ya gani ya tambaya. Kuma ko an yi hakan ba zai yi aiki ba, don ratar da ke tsakaninsa da bakin kwano za ta yi yawa, ruwa mai ƙarfi ya tsallake shi. Maganin ɗaya ne: kafinta ya dawo, ya kwance layin kwano na baki, ya ɗaga itatuwan ciki, ya sake buga katako. Da wani kafinta ne, da kafin azahar Maidawa ya sa shi ya hau.

Na ce masa ya bar ni ni in je Tsibiri in faɗa wa tsohon, ni ba surukina ba ne. Ya ce duk wanda ya je, Baba ya san tiyon wane ne. Na ce to a bi ta hannun Tsahara. Ya dube ni kamar na zage shi, na kuwa san maganar banza na yi. Na ce a gaya wa Alhaji a ɓoye. Ya ce Alhaji zai kira Baba a gaban ma'aikata ya ce surukinka ya ce aikinka ya karkace, daga ranar kuma babu mai sake ba tsohon rufi. Na ce a mayar da bututu ciki mana, a ja ruwan ta ƙasa zuwa titi. Ya ce sai an fasa daɓen mangaza, kuma Alhaji zai tambayi dalili. Duk ƙofar da na taɓa sai ya rufe ta. A ƙarshe na fusata na tambaye shi abin da zai yi.

Ya ce, "Ya'u, mutumin da yab ba ni ɗiyatai ranar da kowa yaƙ ƙi ni, ni zan hwaɗa ma duniya idonai ya mutu? Ka lanƙwasa mani ƙugiyoyi, ka ƙara bisa waɗanda munka saba."

Abin da ya yi shi ne ya auna gangarar daga bakin katako, kamar yadda ragwayen masu aiki ke yi, abin da ya shekara da shekaru yana zagin wasu a kai. Ya saukar da yatsu huɗu ta wajen titi. A ido aikin ya yi kyau ƙwarai, duk wanda ya kalla zai rantse ruwa titi zai nufa. A gaskiya kuwa ƙarshen ciki ya fi na titi ƙasa da kamar yatsa ɗaya da rabi. Ya san ruwa zai kwanta a can, rairayin da iskar hadari ke kwasowa ya taru ya zama laka, nauyi ya sa kwano ya lotsa. Don haka a kashi ɗaya cikin uku na ciki ya matse ƙugiyoyi, santimita talatin-talatin, ya kuma ƙara tsayin murfin da ke toshe ƙarshen indararon. Gwajin bokiti ya yi shi, amma daga tsakiya ya zuba da ƙarfi, ruwa ya fito ta bututu, Alhaji ya ce madalla. Malam Idirisa ya zo ya ɗaga kai ya duba, ya ce Allah ya yi albarka. Maidawa na tsugune a gindin tsani bai ɗago ba.

Damina ta faɗi. Duk ranar da aka yi ruwa, da ya ɗauke sai ka ga Maidawa ya ɗaura tsani a moto ya nufi Zariya, ya hau ya kwashe laka da hannu, ya tsane ruwan da tsumma. Ya ce wa Alhaji sabon aiki ne, yana duba haɗi. Alhaji har yabonsa yake a majalisa, wai bai taɓa ganin mai aiki da ke bin aikinsa haka ba. Ni kuwa idan ya wuce ta gaban rumfata da tsanin nan sai in kau da kai, don abin tausayi ne ka ga babban mutum yana yi wa indararo reno. Na tambaye shi har yaushe zai yi haka, ya ce damina ai wata uku ce.

Cikin watan Agusta ƙanin ubansa ya rasu a Jiratawa, ya tafi zaman makoki. A kwanakin aka yi ruwa a jere, na ƙarshen kuma irin wanda ke zuwa da iska ne, da la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Laka ta riga ta cika ƙarshen ciki. Ƙugiyoyin sun riƙe, ko ɗaya ba ta motsa ba, wannan kam aikina ne da nasa. Amma ruwan da ya rasa hanya ya tumbatsa ta baya, ya bi katako, ya bi bango, ya shiga ta ramukan shan iska da ke ƙarƙashin rufi ya sauka a kan buhunan ayar da aka jingina da bangon. Ba a lura ba sai da wari ya tashi. Layin buhunan bango duk ya yi funfuna, gindin katangar maƙwabci ma ya zube.

Alhaji Zakariya'u ba mugun mutum ba ne, wannan sai in faɗa. Ya tara mu a ƙofar mangazar, da maƙwabcin, da Malam Idirisa a kan kujera. Maidawa ya tsuguna can gefe ya ce kuskurensa ne, bai auna da kyau ba, zai sake aikin. Alhaji ya yi faɗa ya huce, ya ce kowa na kuskure, kuma na ga alamar zai bar shi ya gyara. Sai dai ya riga ya kira wani mai indararo, Shamsu, ya duba masa, don hankalinsa ya kwanta. Shamsu mutum ne mai tsabtar aiki, ba shi da wata gaba da kowa, kuma bai san wane ne surukin wane ba. Ya ciro nasa tiyon, ya ce in riƙe masa. Da ya sauko ya faɗi abin da ya gani, cewa rufin ne ya gangara ciki, dole kafinta ya ɗaga shi. Tsohon ya ƙura wa ƙasa ido.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya sake ɗaga kai yana kallon ƙugiyoyin, ya ce shi abin da bai gane ba, me ya sa daga titi zuwa tsakiya suke sittin-sittin, a ciki kuma aka matse su haka, ga murfi an ƙara masa tsayi. Ya ce ba a yin wannan sai a inda aka san ruwa zai kwanta. Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana ma yaba ƙarfin aikin ne. Na ga fuskar Alhaji ta sauya. Ya juya ya dubi Maidawa.

"Maidawa, ka sani? Tun ranar da kas sa shi, ka san ruwa ciki za shi?"

Wannan karon Maidawa ya kasa ƙarya, kuma ba zai iya faɗin gaskiya a gaban surukinsa ba. Sai zane kawai yake a ƙasa da ɗan yatsa. Alhaji ya ce ashe hawan da yake ta yi bayan ruwa ba kula ba ce, ɓoye ɓarna yake. Ya ce ya zuba dukiyarsa a ƙarƙashin rufin nan bisa amanar mutum ɗaya, mutumin kuma yana kallo ya bar shi. Na buɗe baki na fara bayanin surukuta, Alhaji ya ce shi ba surukin kowa ba ne, aya ya ajiye. Gaskiyarsa ce kuwa.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama shantiyoyin gari, kuma kamar yadda aka saba, rabinsa ne ya yi tafiya. Ba wanda ya ɗauki zancen kunya, abin da ya rage a bakin mutane shi ne Maidawa ya sa indararo a juye yana sane. Mai kuskure ana sake kiransa, amma wa zai damƙa rufinsa ga wanda zai ga ɓarna ya yi shiru? Kafintocin da ya sha sa su hawa gyara suka sami abin hira. Gidajen da ya yi wa aiki shekara da shekaru, indararonsu na zuba lafiya lau, su ma suka fara kiran Shamsu ya duba musu. Damina biyu ya yi yana jiran kira, sannan ya sayar da tsanin ya ɗauko almakashinsa na da.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Malam Idirisa bai rasa komai ba. Ya hau ya ɗaga rufin cikin yini biyu, Shamsu ya sa sabon indararo. Mutane suka ce tsufa ne, ba laifinsa ba, suka ci gaba da ba shi aiki, sai dai yanzu ɗan ƙaninsa ke yi masa awo. Asirin da Maidawa ya sayar da sunansa don ya rufe, an buɗe shi a gaban mutum biyar, kuma duniya ba ta tashi ba. Har yau Maidawa na zuwa Tsibiri gaisuwa, yana cire takalmi a bakin lungu, tsohon yana amsawa, lafiya da gajiya. Ba su taɓa tayar da maganar ba. Tsahara tana ɗakinta, tana sayar da ƙuli-ƙuli don a rufa wa cefane asiri, ban taɓa jin ta yi masa gori ba.

Bara da kaka tsohon ya zo rumfata da kansa, ɗan ƙanin nasa ya kawo shi a moto, wai a yi masa waldar wasu ƙarafan ƙofa. Maidawa na hango su ya tattara bokitansa ya zagaya baya. Ina cikin aiki, tsohon ya dubi bulon da aka tashi a kai, ya ce shi har yanzu abin na damunsa, aikin yini biyu ne kacal, da yaron ya faɗa masa da duk wannan bai faru ba. Shekara uku ina ɗauke da maganar nan a ciki, sai na kashe inji na ajiye gilashin walda.

Na ce, "Baba, don Allah in tambaye ka. Da ya zo ya tsaya gabanka yac ce katakonka ya karkace, da ka yarda ya sake taka gidanka?"

Ya shiga murza bakin rigarsa. Na ɗauka zai ce in ji da aikina.

"A'a," in ji shi. "Amma da na gyara."

Ya karɓi ƙarafansa suka hau moto suka tafi. Can Maidawa ya leƙo daga baya, ya tambaye ni ko Baba ya wuce, na ce ya wuce. Ya dawo ya zauna a kan bulonsa ya jawo bokiti.